Marar Tuwo da Inna Ta Bar Mini

Abu biyu na gada a wurin Inna: marar kwasar tuwo da rashin iya cewa babu. Marar ɓarin ƙwarya ce, ta fi tafin hannun namiji faɗi, bakinta ya yi sumul saboda daɗewa. In ka nutsa ta a tukunya sau ɗaya ka juye a ƙoƙo ka mulmula, malmalar da za ta fito sai ƙato ya yi da gaske kafin ya ga bayanta. Inna ba ta taɓa sayar da ko loma ɗaya ba. Gidanmu na Sifawa gidan noma ne, rumbu biyu, kuma duk wanda ya yi sallama sai ya ci. A wurinta tukunyar da aka kankare tas tun rana na sama abin kunya ce, alamar gidan ya tsiyace. Da wannan tarbiyya na shiga sana'ar tuwo, kuma ita ta kusa raba ni da 'ya'yana.

Maigidana ya rasu ana tsakiyar mulkin siyasa, ya bar ni da yara uku a Bodinga, mata biyu da autansu namiji. Ina fita takaba sai ga wansa daga Kajiji. Baffan yara ke nan, manomi, dogo, ba ya son magana biyu. Ya ce ya zo ya tafi da 'ya'yan ƙaninsa, gidansa akwai hatsi. Na durƙusa na roƙe shi har gwiwoyina suka yi ciwo. Daga ƙarshe ya ce, “To, na bar miki su. Amma ran da na ji suna kwana da yunwa, ba sai na yi shawara da ke ba.”

Na san ba barazana yake yi ba, kuma na san duk dangi bayansa za su bi. Na kwashe tasoshina da kwallayen aurena na kai kasuwa, na sayi tukwane biyu, aka kafa mini rumfar zana a gefen tasha.

Wai, a lokacin ko makaho ya kafa tukunya a bakin hanyar nan sai ya sayar! Motocin 'yan siyasa suna wucewa Shagari safe da yamma, direbobinsu da 'yan rakiya su tsaya su ci. Leburorin 'yan kwangila su zo tuli guda. Tiya shida ta dawa nake tuƙawa kullum, miyar kuka tukunya guda, ga ta kuɓewa. Mutum ya ce a ƙara miya, in ƙara. Ya ce gyara fa, in yanko masa rabin malmala. Abin da ya yi kwantai in aika wa maƙwabta, wanda ya yi tsami a zuba wa awakin unguwa. Ban taɓa tsayawa na duba nawa ake zubarwa ba, tunda da yamma ina ɗaure kuɗi a bakin zane kuma yara suna ƙoshi.

Sai abubuwa suka fara juyawa. Aka shiga maganar tsuke bakin aljihu a rediyo, 'yan kwangila suka kwashe motocinsu suka bar ginin da ba rufi. Damina ta yi gardama. Daga baya soja suka karɓi mulki, motocin nan masu tuta suka ɗauke ɗif kamar an share su da tsintsiya. Dawa ta hau, manja ya hau, sabulu sai an bi layi. Ni kuwa, don Allah ku ji wauta, ina nan ina tuƙa tiya shidata. Kullum da asuba in ce yau za su dawo. In rage tukunya kuma mutum ya zo in ce masa babu? Ni? 'Yar Inna?

Da na ga jari yana zagwanyewa sai na yi dabarar da na ɗauka ta masu hankali ce. Na ce tsada ke cina, to bari in sayi kaya da yawa tun suna da araha. Lokacin cirar albasa na tafi Danchadi na sayo buhu biyu a bakin fadama. Mai lambun ma ya ce mini, “Wagga jiya munka cire ta, ki baza ta ta sha iska tukuna.” Na ce to, a raina ina cewa wa zai koya mini ajiyar albasa. Ɗakina ɗaya ne, ina zan baza? Na jingine buhunan a lungu a kan daɓe, bakinsu a ɗaure, na rufe ƙofa saboda ɓarayi. Na kuma kai dawar mako guda inji, aka niƙo, na juye garin da zafinsa a babbar roba na danne murfi don kada ɓera ya shiga.

Garin ne ya fara ba ni amsa. Dawar da aka surfa aka wanke ba ta gama shan iska ba, ga zafin inji, ga zafin bazara. Kwana huɗu na buɗe robar, wani wari ya bugi hancina, garin ya dunƙule ya yi funfuna a gefe. Albasa kuwa ba ta yi wata guda ba sai ga baƙin ruwa yana bin daɓe har ƙarƙashin tabarmar yara. Na kwance buhu na tura hannu, hannuna ya nutse. Na zauna a ƙasa ina tsinta, mai kyau nan, ruɓaɓɓiya can, ina tsinta ina zagin kaina da sunan da ba zan maimaita ba. Cikin buhu biyu abin da na tsira da shi bai cika daro ɗaya ba. Kuɗin ɗan kunnena na ƙarshe ke nan na kwasa na kai juji da kaina.

Abin da ya fi wannan muni ban ma lura da shi ba sai da ya faru. Tunda tuwo yana kwantai kullum kuma ba ni da zuciyar zubarwa yanzu, sai ya zama yarana ba sa cin sabo. Na jiya suke ci, wani lokaci na shekaranjiya, da miyar da ta wuni ana tsoma mata ludayi ta kwana ta fara kumfa. In ɗumama in ce ai wuta ta kashe komai. Autana ya kama gudawa, kwana biyar, idanunsa suka faɗa. Ina da tuwo har awaki na ci, ɗana kuma yana ramewa a gabana.

Ban san wanda ya kai labari Kajiji ba. Ruwan farko bai daɗe da sauka ba sai ga Baffan yara a bakin rumfa. Bai zauna ba. Ya ɗaga yaron ya duba, ya ajiye shi a hankali.

“Mi kinka yi mishi?”

“Yaya, ciwon ciki ne, ya samu sauƙi.”

“Yanzu shuka mukai, ba ni da lokacin ɗawainiya. In munka yanke gero ina tahowa. Ki haɗa musu kayansu.”

“Yaya, don girman Allah…”

“Na gaya miki tun farko,” in ji shi, ya juya.

Na bi shi har bakin mota ina magana, ban san ma me nake faɗa ba. Da motar ta tashi na dawo na zauna a kan turmi. Wata huɗu ke gare ni, ko biyar in geron ya yi jinkiri.

A gefen rumfata akwai wata tsohuwa mai masa, kowa Gwaggo yake ce mata. Shekararta ashirin a tashar nan, ta ga fari ta ga yalwa, kuma bakinta ba ya da linzami. Kullum kafin hantsi ya dubi ludayi ta sayar ta wanke tandarta ta zauna tana cin goro tana kallona. Da ina ganin rowa ce ke sa ta ƙi yin ƙullu da yawa. Ranar nan ta tauna goronta ta ce, “In kin gama kukan, ina da magana.”

“Gwaggo, ki bar ni da abin da ya dame ni.”

“Ai shi zan gaya miki. Ke ba tuwo kike saidawa ba, kiwon awakin mutane kike yi kyauta. Dubi akuyar mai faci, ta fi ɗanki ƙiba.”

Wallahi da ba tsohuwa ba ce da na watsa mata ruwan wanke-wanke. Na miƙe ina huci. Ko gezau ba ta yi ba. Ta tura mini wani tsohon daro da ƙafa, ta ce daga yau har kwana uku kada in ba akuya, kada in ba maƙwabta, kada in zubar. Duk abin da ya lalace ko ya ragu, har ɓawon albasar da na yanke saboda ruɓa, a cikin daron nan zan zuba, in ajiye shi bayan zana inda zan riƙa gani.

Na yi don in nuna mata ƙarya take. Ranar farko daron ya kai rabi. Rana ta biyu ya cika har na nemo bokiti. Ban kai rana ta uku ba. Na tsaya a kansa ƙudaje na tashi, ina kallon malmala ɗai-ɗai, kowace na san da hannuna na tuƙa ta, na san itacen da ta ci. Kusan rabin abin da nake dafawa ke nan. Na ce, “Gwaggo, na shiga uku.”

“Ba ki shiga ba tukuna. Kawo marar nan taki.”

Ta juya ta a hannu tana taɓe baki. Ta tambaye ni ko na lura yadda mutane ke cin tuwona yanzu. Na lura mana, sai dai ban ba abin ma'ana ba: mutum biyu su zauna su sayi malmala ɗaya su raba, kowa ya ce a ƙara masa miya. Malmalar Inna ta isa biyu, don haka rabin masu sayena kyauta suke ci. Kuɗin kwano ba ya ƙaruwa, don ba wanda ke da abin ƙarawa, dawa kuwa ta ninka. Gwaggo ta zaro 'yar wuƙarta ta ce bari ta rage mata baki.

Na fizge marata. “Ki yanke mini yatsa ya fi mini sauƙi.”

“To riƙe ta, ku tafi Kajiji tare ki riƙa kwasa musu can.”

Ban yi mata magana ba har washegari. Amma da yamma na samo wata fasasshiyar ƙwarya na zauna na fafe sabuwar mara, ƙarama, na goge bakinta da dutse. Na gwada. Da ta Inna tiya guda tana ba ni malmala goma sha huɗu. Da sabuwar na samu goma sha tara. Na samo ƙaramin ludayi na ce miya biyu ne a kwano, ba ƙari sai an biya. Nama kuma na daina cewa mahauci ya zuba kawai. Na ce ya yanka mini ƙidayayye, tsoka ɗaya a kwano ɗaya.

Ranar da na fara kuwa na sha magana. Wani direban akori-kura da ya saba cin tuwona ya ɗaga malmalar da yatsa biyu ya ce, “Hajiya, wannan tuwo ne ko ƙwan zabo?” Tasha ta kwashe da dariya. Na ce, “Ƙwan zabo ne. In ka samu inda dawa ba ta tashi ba, ka zo ka kai ni.” Ban ɓoye wa kowa ba, duk wanda ya tambaya na ce na rage. Wasu sun yi fushi sun koma wurin mai shinkafa, bayan kwana biyu suka dawo, don can ma cokalin ya ƙanƙance.

Sai maganar nawa zan tuƙa. Gwaggo ba ta san boko ba, ni ma haka. Ta ce in samu gawayi, duk kwanon da na sayar in ja layi a jikin bangon da rumfata ta jingina da shi, kowace rana da gurbinta. Mako biyu bangon ya gaya mini abin da na ƙi ji shekara guda. Ranar kasuwa ina sayar da kusan sittin. Juma'a arba'in da 'yan kai. Sauran ranaku da ƙyar nake wuce talatin, in kuma aka tashi da ruwa ko ashirin ba na kaiwa. Ni da ke tuƙa sama da tamanin kullum! Na koma tiya uku ranar kasuwa, biyu sauran ranaku, kuma ko su ba a tashi ɗaya ba. In tuƙa rabi da safe, in na ga tukunya ta kusa ƙasa kuma mutane na shigowa, in ɗora ta biyu. In na ga hadari ya haɗo, in bar garin a bushe, gobe ma rana ce a gare shi.

Miya ma na sake mata tsari. Ruwan nama da daddawa da kayan yaji suna babbar tukunya a kan garwashi, ba sa hucewa, ba mai tsoma musu komai. In ɗebo kaɗan a ƙaramar tukunya in kaɗa kuka daidai kwano goma, in ta ƙare in sake kaɗawa. Ɗanyar kuɓewa na bar ta sai ranar kasuwa, sauran ranaku busasshiya. Niƙa na koma na kwana biyu kawai, kuma in an kawo sai na baza garin a tabarma ya huce sarai kafin in rufe. 'Yar albasar da ta tsira na yi mata gado da kara a inuwa inda iska ke ratsawa, sama da ƙasa, ba ɗaya a kan ɗaya ba. Kowace safiya sai na bi ta da hannu, wadda wuyanta ya fara laushi ita ke shiga miyar ranar. Ƙanzon gindin tukunya da nake jiƙawa in zubar, na koma kankare shi in shanya, matan unguwa na saye su yi kwaɗo.

Kada wani ya ɗauka daɗi na ji. Lissafin safe ya zame mini kamar ciwo. In tsaya gaban gari da tiya a hannu ina duban sama, ina duban hanya, ina cewa in ƙara ko kar in ƙara. Akwai ranar da na rage sosai sai ga motoci biyu na 'yan biki, na tsaya ina kallon ciniki yana wucewa. Akwai ranar da na ƙara, ruwa ya sauko tun hantsi. Riba ba ta zo ba, asara ce dai ta daina zuwa, kuma a shekarar nan wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

Mafi wuya ita ce kalmar nan. Ranar farko da tuwo ya ƙare tun azahar, wani dattijo ya sauko daga mota da 'yar jakarsa ya ce a zuba masa. Bakina ya ƙi buɗuwa. Na duba tukunya kamar wani abu zai tsiro a ciki. Gwaggo daga inda take ta ce, “Faɗa mishi mana.” Na ce, “Baba, ya ƙare.” Ya ce ba komai, ya wuce wurin mai fura. Shi ke nan fa, ko a jikinsa. Ni kuwa na zagaya bayan zana na yi kuka, ina jin kamar Inna na tsaye tana kallona. Da na fito Gwaggo ta ce gara in mayar da mutum biyu da in zubar da kwano goma. Na ce na ji, ta bar ni haka nan.

Abu ɗaya na yi wanda ba ita ta koya mini ba. Kowace rana in tuwon farko ya nuna, kafin in sayar wa kowa, sai in ɗauko marar Inna daga inda na rataye ta in kwashi malmala uku, in sa a kwanon sha da murfi, in kaɗa musu miyarsu dabam. Na yara ke nan in sun taso daga makaranta. Na yi rantsuwa tsakanina da Allah ba za su ƙara cin kwantai ba, kuma ko gwamna ne ya zo ba zan sayar da na cikin kwanon nan ba. Kafin gero ya fitar da kai, kumatun autana sun dawo.

Aka yanke gero. Kullum in motar Shagari, wadda ke ɗauko mutanen Kajiji, ta tsaya sai in leƙa in ga ko shi ne. Ban haɗa kayan yara ba, ban kuma gaya musu komai ba, amma babbar ta sani, don ta daina yawan magana.

Ya zo ranar Talata, ranar da ba kasuwa, bayan azahar. Tuwon ya ƙare tun kafin kiran salla, na wanke tukwane na kife su, na share rumfa. Ya sauko da ƙura har gira, da wani buhu ninke a hammata, buhun da zai zuba kayansu. Motarsu ta lalace a hanya tun safe. Na shimfiɗa masa tabarma na kawo ruwa, muka gaisa. Ina ganin idonsa yana yawo: tukwane a kife, murhu ba wuta, ba buhun dawa, ba tulin albasa, ba kowa a kan benci. Sai a lokacin na gane abin da yake gani. Shi ma ɗan gidan rumbu ne kamar Inna. A wurinsa wannan rumfar ta mutu.

“Ashe har abin ya kai haka,” ya ce.

“Yaya, ba haka ba ne. Sayarwa na yi, ya ƙare.”

“Ya ƙare da rana tsaka? Wancan zuwan da na yi tukunyarki cike take.”

“Cikar nan ita ta kwantar da yaron.”

Bai ma saurare ni ba. Na ce bari in hura wuta in tuƙa masa, akwai gari a gida. Ya ce motar da za ta koma ba za ta jira tuwo ba, kafin la'asar za su tashi. Na ce to in karɓo masa fura. Ya ce bai zo shan fura ba. Na nuna masa layukan gawayi a bango ina ƙoƙarin yi masa bayani, na ji da kaina maganar ba ta da kai. Wane ne zai yarda da zanen gawayi ya bar tukunya a kife?

Ana haka yara suka shigo. Suka durƙusa suka gaida Baffansu. Babbar, da yake na koya mata abin da Inna ta koya mini, ta je ta ɗauko kwanon nan mai murfi da miyarsa ta ajiye a gabansa. Ya buɗe. Malmala uku manya, har yanzu da ɗuminsu. Mutumin nan tun asuba bai sa komai a cikinsa ba, na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya jawo butar ruwa zai wanke hannu.

Ban san lokacin da na isa wurin ba. Na dai ga hannuna a kan kwanon.

“Yaya, wannan na yara ne.”

Gwaggo da ke gefe ta daina tauna goro. 'Yata ta zaro ido. Wan mijina, uban 'ya'yana a yanzu, baƙo daga tafiya, na janye abinci daga gabansa a bainar jama'a. Na san girman abin da na yi tun hannuna bai bar kwanon ba. Amma zuciyata ta riga ta hau. Na ce a raina in ma tafiya zai yi da su, ba za su bar hannuna da yunwa ba.

“Na sayarwa ya ƙare,” na ce. “Wannan ba a taɓa shi. Ku zo ku ci.”

Suka zauna a ɗarare. Autan ne ya fara, shi bai san komai ba, ya yanko loma ya tsoma a miya. Sai sauran suka bi. Baffansu yana zaune da jiƙaƙƙen hannu a kan gwiwa yana kallonsu. Suka ci, suka ci, ƙaramar macen ma ta kasa cinye nata, autan ya ƙarasa mata ya suɗe kwano. Ya miƙo hannu ya kama damtsen yaron ya matsa, ya sake shi.

Sannan ya tashi ya je inda marata biyu ke rataye a jikin dirka. Ya sauko da su ya haɗa, ƙaramar ta shige cikin babbar har da sauran wuri.

“Wagga fa?”

“Ta kasuwa ce.”

“Wagga kuma?”

“Ta Inna ce. Da ita nake kwasar nasu.”

Ya daɗe yana juya su. Ya mayar da kowace inda ya same ta. Ya ce, “Na ci tuwon Innarki a Sifawa ran da munka zo neman aurenki. Ita ba ta taɓa ɗauke kwano gaban baƙo ba.”

“Inna tana da rumbu, Yaya. Ni tiya biyu gare ni.”

Ya sa takalmansa ya nufi wurin motar. Na tsaya a jikin dirka. Ina hango shi yana magana da direba, ban san ko kuɗin mutum ɗaya yake biya ko na huɗu ba. Yaran sun jeru a bayana, babbar ta riƙe mini bakin zane. Aka yi lodi, aka ɗaure kaya, ya shiga gaba ya zauna. Bai waiwayo ba. Sai da motar ta hau kwalta ta yi kudu na lura ya bar buhun nan a ninke a kan tabarma.

Bai ƙara tayar da maganar ɗaukarsu ba. A hannuna suka girma su uku, da tuwon tashar nan. Duk kaka yana aiko musu da damin gero, kuma in ya shigo Bodinga yakan biyo ya duba su. Shekara tara ya yi yana zuwa kafin Allah ya karɓi abinsa. Duk zuwan da zai yi sai na tuƙa sabo, in kwasa da marar Inna, in kai gabansa da hannu biyu in durƙusa. Ya dubi kwanon ya ce, “Alhamdu lillahi, na ƙoshi. A ba yara.” Ko sau ɗaya bai ƙara sa hannu a tuwona ba.